Yadda ake auna tasirin shiri da hanyar bambancin bambance-bambance, mataki-mataki

Yawancin rahotannin tantance shirye-shirye ɗayan hanyoyi biyu suke bi wajen nuna nasara. Wasu su ce kafin shiri abu yana nan, bayan shiri ya kai can, saboda haka shirin ne ya yi aiki. Wasu kuma su jera waɗanda suka shiga shirin da waɗanda ba su shiga ba, su ɗora duk tazarar da ke tsakaninsu a kan shirin. Duka biyun suna da rauni. Na farko ya manta cewa duniya ba ta tsaya cik tana jiran shirinka ba. Wanda ya auna kuɗin da gidaje ke kashewa a Najeriya a 2022, ya sake aunawa a 2024, to cire tallafin man fetur na watan Mayun 2023 yana cikin sakamakonsa, ko ya so ko ya ƙi. Na biyu kuma ya manta cewa tun kafin shirin ya zo, rukunonin biyu ba ɗaya suke ba.

Hanyar bambancin bambance-bambance, wadda a takardun bincike ake taƙaita ta da DiD, tana haɗa kwatancen biyu don kowanne ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Za ka auna canjin da aka samu a rukunin da shiri ya shafa, ka auna canjin da aka samu a rukunin da bai shafa ba a daidai wannan lokacin, sannan ka cire na biyu daga na farko. Lissafin ba shi da wuya. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne zaton da aka gina lissafin a kansa, kuma a nan za mu fi daɗewa.

Za mu bi matakan ne da aikin David Card da Alan Krueger, wanda mujallar American Economic Review ta buga a 1994. A ranar 1 ga Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa. Maƙwabciyarta Pennsylvania ta tsaya a dala 4.25. Tambayar ita ce, shin ƙarin ya sa masu kamfanoni sun rage ma'aikata? Masanan biyu sun tattara bayanai daga shagunan sayar da abinci 410 na Burger King da KFC da Wendy's da Roy Rogers, 331 a New Jersey, 79 a gabashin Pennsylvania. Sun yi zagaye na farko a Fabrairu da Maris na 1992, suka koma wa shagunan a Nuwamba da Disamba.

Mataki na farko: tsayar da wa, yaushe, da me

Kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta abu uku a takarda: waɗanda shirin ya shafa, ranar da ya fara shafarsu, da abin da za ka auna. Card da Krueger sun zaɓi waɗannan shaguna ne saboda ma'aikatansu da yawa suna kan mafi ƙarancin albashi ko kusa da shi, don haka in dokar za ta yi tasiri, a nan za a fi ganinsa. Sun kuma tsayar da ma'auni guda: yawan ma'aikata a kowane shago, inda ake ƙirga mai cikakken aiki da manaja a matsayin mutum ɗaya-ɗaya, mai aikin rabin lokaci kuma rabi. Duk ma'aunin da ka zaɓa, dole ya zama shi ne a zagayen biyu da kuma rukunonin biyu. In ka sauya lafazin tambaya a zagaye na biyu, ko ka sa wasu masu tattara bayanai a rukuni ɗaya kawai, to wannan sauyin zai fito a sakamako tamkar tasirin shiri.

Akwai wani bincike da ake yawan tsallakewa a nan: shin shirin ya isa inda aka ce ya isa? A zagaye na farko, matsakaicin albashin sabon ma'aikaci dala 4.61 ne a New Jersey, 4.63 a Pennsylvania. A zagaye na biyu na New Jersey ya koma 5.08, na Pennsylvania yana 4.62. Ke nan dokar ta kama, kuma ba ta tsallaka iyaka ba. In shirin rabon taki kake tantancewa, fara tabbatar da cewa takin ya shiga hannun manoman rukunin shiri, kuma bai bi kasuwa ya isa ƙauyukan kwatance ba. In ya isa, tazarar za ta ragu, ka ƙare da cewa shirin bai yi komai ba alhali ya yi.

Mataki na biyu: lambobi huɗu, da hannu

Kada ka taɓa rigireshan, wato lissafin ƙididdiga mai auna alaƙar abu da abubuwan da ke shafarsa, sai ka fitar da matsakaici huɗu. Ga na wannan binciken:

| | Kafin | Bayan | Canji |
|---|---|---|---|
| New Jersey | 20.44 | 21.03 | +0.59 |
| Pennsylvania | 23.33 | 21.17 | −2.16 |

Canjin New Jersey, 0.59, ka cire canjin Pennsylvania, −2.16, sai ka sami 2.75. A takardar an rubuta 2.76, ɗan bambancin daga taƙaita lambobi ne. Ma'anarsa, idan aka kwatanta da Pennsylvania, kowane shago a New Jersey ya ƙaru da ma'aikata kusan uku, ba raguwa ba.

Dubi abin da hanyoyin nan biyu masu rauni za su ba ka da wannan jadawalin. Mai kwatanta kafin da bayan zai ce tasirin 0.59 ne. Mai kwatanta jihohin biyu bayan dokar zai ce 21.03 a cire 21.17, wato −0.14, har ya yi shelar cewa doka ta rage aiki, ya manta tun farko shagunan Pennsylvania sun fi girma da ma'aikata kusan uku.

Yanzu ka ƙura wa jadawalin ido da kyau. Daga cikin 2.75 ɗin nan, 0.59 ne kawai ya fito daga New Jersey. Ragowar 2.16 faɗuwar Pennsylvania ce. Abin da hanyar take cewa shi ne: da ba a ƙara albashi ba, da New Jersey ma ta faɗi da 2.16, daga 20.44 zuwa 18.28. Sai ga shi an sami 21.03, tazarar kuma ita ce tasirin. Babu wanda ya taɓa ganin 18.28 ɗin nan, aro muka yi daga maƙwabta. Duk ƙarfin sakamakon yana rataye da ingancin wannan aron.

Mataki na uku: tsara bayanan da gudanar da rigireshan

Tsara bayananka ta yadda kowane shago yana da layi biyu, ɗaya na kafin, ɗaya na bayan. Kana buƙatar ginshiƙai huɗu: lambar shago (`shago`), abin da ake aunawa (`fte`), alamar rukuni (`nj`, 1 ga New Jersey, 0 ga Pennsylvania), da alamar lokaci (`bayan`, 0 a zagaye na farko, 1 a na biyu). Lura cewa `nj` yana nan 1 ga shagon New Jersey har a layin kafin doka. Alamar rukuni ce, ba alamar cewa shiri ya fara ba. Masu farawa kan sa masa 0 a zagaye na farko, sai manhajar ta jefar da ginshiƙi ɗaya tana cewa ya maimaita wani.

```
fte = b0 + b1*nj + b2*bayan + b3*(nj*bayan) + e
```

A manhajar ƙididdiga ta Stata:

```
reg fte i.nj##i.bayan, vce(cluster shago)
```

A manhajar R, da kunshin `fixest`:

```
feols(fte ~ nj*bayan, data = d, cluster = ~shago)
```

Kowace lamba da za ta fito tana da gida a jadawalin sama. `b0` shi ne matsakaicin Pennsylvania kafin doka, 23.33. `b1` shi ne tazarar asali tsakanin jihohin, 20.44 a cire 23.33, wato −2.89. `b2` shi ne canjin da aka samu a Pennsylvania, −2.16, wanda muka ɗauka a matsayin canjin zamani da ya shafi kowa. `b3` kuwa shi ne abin nema, kimanin 2.75. Haɗa su duka huɗun, za ka dawo 21.03 na New Jersey bayan doka. In `b3` ɗinka bai yi daidai da lissafin hannu ba, tsaya nan. Akwai matsala a tsarin bayanan, galibi layukan da suka ɓace ko alamar da aka sa ba daidai ba.

To me ya sa ake wahalar rigireshan tunda amsar ɗaya ce? Saboda yana ba ka ma'aunin kuskure, wato lambar da ke nuna girman rashin tabbas da ke cikin ƙiyasin, yana ba ka damar ƙara wasu ginshiƙai, kuma yana ɗaukar lokuta da rukunoni masu yawa. Amma a kula da abin da ake ƙarawa. Abin da ba ya canzawa, kamar nisan ƙauye daga titi, cirewar farko ta riga ta share shi. Abin da shirin kansa zai iya canzawa kuwa, kamar farashin abinci a shagon bayan ƙarin albashi, kada ka sa shi, don zai haɗiye wani ɓangare na tasirin da kake nema.

Sai batun waɗanda suka ɓace tsakanin zagaye biyu. Card da Krueger sun bi sawun kusan dukkan shagunan, kuma shaguna shida da suka rufe gaba ɗaya an rubuta musu sifili, ba a jefar da su ba. Dalilin a fili yake. Da ƙarin albashi ya kashe shaguna, kai kuma ka ƙirga waɗanda suka rayu kawai, da ka share illar da hannunka.

Mataki na huɗu: zaton tafiya kafaɗa da kafaɗa

Wannan shi ne zuciyar aikin. Hanyar ba ta buƙatar rukunonin biyu su zama daidai a farko. Pennsylvania na iya farawa da 23, New Jersey da 20, babu laifi. Abin da take buƙata shi ne, in da babu shirin, da su biyun sun canza da adadi ɗaya. Kamar mutum biyu ne a cikin kwalekwale ɗaya, dogo da gajere: in ruwa ya hau duk su hau tare, tazarar kawunansu ba ta canzawa. In ɗaya yana wani kwalekwalen a wani rafin, kwatancen ya rushe.

Ba a iya tabbatar da wannan zaton kai tsaye, don yana magana ne a kan abin da bai faru ba. Abin da za ka iya shi ne neman shaidar da za ta ƙarfafa shi ko ta karya shi, kuma shaida ta farko ita ce tarihi. Samo bayanan lokuta uku ko huɗu kafin shirin, ka zana layin kowane rukuni. In tazarar da ke tsakaninsu tana nan daram duk tsawon lokacin, sai ta buɗe bayan shiri, hankali ya fi kwanciya. In tun da can tana buɗewa a hankali, to `b3` zai ci gaba da ƙirga wannan tsohuwar tafiyar yana kiranta tasiri. A rigireshan ana yin haka ta hanyar ba kowace shekara nata ƙiyasin, a bar shekarar ƙarshe kafin shiri a matsayin ma'auni. A ce shiri ya fara a 2020, `y` shi ne abin da ake aunawa, `shiga` kuma 1 ne ga garuruwan shiri, 0 ga sauran:

```
feols(y ~ i(shekara, shiga, ref = 2019) | gari + shekara,
      data = d, cluster = ~gari)
```

Ƙiyasin shekarun da suka gabaci 2019 ya kamata su kasance kusa da sifili. Sai dai kada ka tsaya ga cewa babu tauraro a gefensu, wato alamar da manhaja ke sa wa lambar da ta bambanta da sifili a ƙididdiga. In bayananka kaɗan ne, ma'aunin kuskure zai yi faɗi, ya ɓoye karkata ta gaske. Dubi girman lambobin da inda suka dosa. Uku a jere suna hawa, ko da kowacce ita kaɗai ba ta kai a kula ba, gargaɗi ne.

A nan ne raunin binciken 1994 yake, zagaye ɗaya tak ke akwai kafin doka, don haka ba a iya zana tarihi. Kuma rukunin kwatancen shaguna 79 ne kawai. David Neumark da William Wascher sun ƙalubalanci sakamakon da bayanan biyan albashi da suka tattara, suka sami raguwar aiki. Card da Krueger suka mayar da martani a 2000 da bayanan hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, waɗanda suka shafi shekaru da dama, suka kammala cewa ƙarin albashin bai rage aiki ba, in ma akwai tasiri to ƙarami ne. A ganina wannan shi ne karatun da ya dace da jadawalin tun farko: hujja mai ƙarfi cewa ba a ga raguwar da aka yi hasashe ba, hujja mai rauni cewa an sami ƙarin ma'aikata uku a kowane shago.

Shaida ta biyu ita ce rukunin kwatance na daban. Card da Krueger sun yi wannan da kyau. A cikin New Jersey kanta akwai shagunan da tun da can suke biyan dala 5 ko fiye, waɗanda dokar ba ta taɓa su sosai ba. Ma'aikatan waɗannan shagunan sun ragu kusan yadda na Pennsylvania suka ragu. Wannan ya nuna faɗuwar Pennsylvania ba wani abu ne da ya keɓanta da ita ba, kuma ya ƙara wa lambar aron nan ta 18.28 nauyi. Duk lokacin da za ka iya samun rukunin kwatance biyu masu rauni daban-daban, yi amfani da su duka.

Shaida ta uku gwajin bogi ne. Ɗauki bayanan kafin shiri kawai, ka ƙirƙiro ranar farawa ta ƙarya a tsakiyarsu, ka gudanar da rigireshan ɗin. Ko ka auna wani abin da shirin ba shi da hanyar taɓawa. In ka sami tasiri inda babu shiri, tsarin naka yana kamo wani abu daban.

Abu biyu ne suka fi karya wannan zaton a aikace. Na farko shi ne yadda aka zaɓi masu shiga. Orley Ashenfelter ya lura a 1978 cewa masu shiga shirin horar da sana'a kuɗin shigarsu kan faɗi dab da shigarsu, kuma faɗuwar ce ma take kai su shirin. Da yawansu za su farfaɗo ko babu horo. Haka abin yake in an zaɓi ƙauyuka saboda daminar bara ta yi musu muni: bana amfaninsu zai iya dawowa daidai da kansa, shiri ya karɓi yabon. In an zaɓi rukuni saboda mummunar shekara, kada wannan shekarar ita kaɗai ta zama ma'auninka na kafin. Na biyu shi ne sanin shiri tun kafin ya zo. An zartar da dokar New Jersey tun 1990, don haka masu shaguna sun san tana tafe. In mutane sun fara sauya hali tun daga sanarwa, zagayen da ka kira na kafin ya riga ya gurɓata.

Ƙaramin abu kuma mai muhimmanci: zaton ya danganta da ma'auni. Rukuni mai 100 da rukuni mai 50, in kowanne ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ɗaya ya ƙaru da 10, ɗaya da 5. A kaso suna tafiya tare, a adadi ba sa tafiya tare. Ga abin da ake aunawa da kuɗi a lokacin hauhawar farashi, kaso ya fi ma'ana, sai ka yi amfani da `log(y)`. Yanke wannan shawarar kafin ka ga sakamako.

Mataki na biyar: ma'aunin kuskure

Ma'aunin kuskuren 2.76 ɗin nan 1.36 ne. Ninka shi da 1.96 ka sami kusan 2.67, ke nan tazarar amincewa ta kashi 95 ta tashi daga kusan 0.1 zuwa 5.4. Rubuta wannan tazarar a rahotonka, kada ka ba da lambar tsakiya ita kaɗai.

Layukan shago ɗaya ba su da 'yanci daga juna, shagon da yake babba a Fabrairu babba ne a Nuwamba. Shi ya sa muka sa `cluster` a umarnin. Marianne Bertrand da Esther Duflo da Sendhil Mullainathan sun nuna girman haɗarin a 2004. Sun ƙirƙiri dokokin bogi, suka liƙa su ga jihohin Amurka ba tare da tsari ba, suka gudanar da DiD a kan albashin mata na shekaru masu yawa da ma'aunin kuskure na yau da kullum. Ya kamata a ce sau 5 cikin ɗari za a sami tasirin ƙarya, sai suka same shi har kusan sau 45. Ƙa'idar ita ce ka dunƙule a matakin da aka raba shirin. In ƙauye-ƙauye aka raba, dunƙule a ƙauye, ko da gidaje ka yi wa tambayoyi. In dunƙulen ba su kai talatin zuwa arba'in ba, ma'aunin kan fito ƙarami fiye da gaskiya, sai ka nemi `boottest` a Stata. Da jiha biyu tak kamar a misalinmu, babu dabarar lissafin da za ta raba tasirin doka da wani abin da ya faɗa wa jiha ɗaya a waɗannan watannin, sai dai hujjojin mataki na huɗu.

Idan shirin bai fara lokaci ɗaya ba

Duk abin da ya gabata na rukuni biyu ne da ranar farawa ɗaya. Sau da yawa ba haka shirye-shirye suke zuwa ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Najeriya a Yulin 2024, jihohi ba su fara biyansa a wata ɗaya ba. A irin wannan yanayin, tsohuwar al'ada ita ce a sa alamar kowace jiha da ta kowane lokaci, a karanta lamba ɗaya. Andrew Goodman-Bacon ya nuna a 2021 cewa wannan lambar cakuɗe ce ta kwatance masu yawa, ciki har da waɗanda ake amfani da jihohin da suka riga suka fara a matsayin rukunin kwatance ga masu farawa daga baya. In tasirin yana girma da lokaci, wannan girman za a cire shi daga ƙiyasin, har alamar ma tana iya juyawa. Maganin shi ne a kwatanta kowane rukunin masu farawa da waɗanda ba su fara ba tukuna, ko waɗanda ba za su taɓa farawa ba, sannan a haɗa sakamakon. Hanyar Brantly Callaway da Pedro Sant'Anna haka take yi, ana samunta a `csdid` na Stata da kunshin `did` na R, inda za ka ba ta ginshiƙin da ke nuna lokacin da kowane rukuni ya fara, da sifili ga waɗanda ba su taɓa shiga ba.